Waƙar kwashe kayan wasa, amsar da anka turo a gurup ɗin iyaye mata na Tahoua

Tambaya: “Salamu alaikum yayyena. Yara huɗu nike tsaro a gida, ƴan shekara biyu zuwa uku. In sun gama wasa tsakar gida kamar an yi yaƙi. Akwai mai wata waƙa da za ta sa su kwashe kayansu?”

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya gajiya, ya yaran? To, waƙa akwai ta, amma ni abin da na ji cikin maganarki, kina ce musu “ku kwashe” su tsaya suna kallonki. Ba taurin kai ba ne. Ɗan shekara biyu umarni guda yake riƙewa, in ya yi ƙoƙari biyu. “Ku kwashe kaya” kuwa aiki biyar ne anka dunƙule waje guda. Shi ya sa waƙar kowane layi motsi guda ne. Saurara:

Tafa, tafa, mun gama wasa,
Duƙa, duƙa, hannu ƙasa,
Ɗauka, ɗauka, ɗaga shi bisa,
Taka, taka, babu nisa,
Saka, saka, cikin tasa.

Kin ji duk da “sa” sunka ƙare. Kar ki jira su hardace, ba za su iya ba yanzu. Ke ki ba da waƙa, su su amsa kalmar ƙarshe kawai, kamar yadda mukan yi a gaɗa: ki ce “mun gama…” ki ja numfashi, su ce “wasa!” Mai shekara biyu ma wataƙila “sa” kaɗai zai ce, ya isa.

Layin farko tafi ne, shi ke sa su saki abin da sukai su dube ki. Na biyu ki duƙa da gaske, hannunki ya taɓa tabarma, don jikinki suke bi. In kina tsaye kina nuni da yatsa ba wanda zai duƙa. Na uku kowa ya ɗauki abu guda, guda fa, ya ɗaga sama da kai. Wanga ɗagawar tana da amfani, nan kike ganin wa ke da kaya a hannu, wa ya ɗaga hannu wofi. Sai a taka, sai a saka. Kuma kar ki wuce layi sai mafi ƙanƙanta ya gama motsinsa, ko da za ki ta maimaita “duƙa, duƙa” sau huɗu.

Yanzu lissafi. Yara huɗu, zagaye guda kaya huɗu ke nan. In kin zube musu kaya arba’in, zagaye goma za ki yi, kuma tun na huɗu sun watse. Fito da kamar sha biyu, zagaye uku an gama, sauran ki ɓoye a ɗaka ki riƙa canzawa.

Tasar kuma ki aje ta tsakiyar tabarma, taki uku ko huɗu daga yaro. In ta yi nisa, a hanya zai ga kaza ya bi ta. Ta ƙarfe ta fi, don ƙarar nan “kwaram” in abu ya faɗa ita suke so. Af, tsaya, in kina da mai jifa cikinsu, a’a, ɗauki ta roba, don in ya ji ƙarar daga nesa zai riƙa wurgowa har ya fasa ma wani goshi. Da an gama ki rufe da faifai ki ɗora bisa inda ba su kai, in ba haka ba wani zai kife ta don a sake waƙa.

Abin da ke ɓata aikin nan manya ne wallahi. Akwai wata ƴar uwar maigidana da ta zauna wurinmu, da na fara “tafa, tafa” sai ta zabura ta tattare komi cikin zane, wai tana taimakona, wai yara ba su san komi ba. Yo in kin kwashe mi za su ɗauka? Har autana ya koyi in an fara waƙa ya zauna ya miƙe ƙafa yana jiranta. Na yi magana, ta kai ƙarata wai na hana ta aiki a gidan ɗan uwanta. Har yau in munka haɗu wurin biki sai ta… kai, bar wannan.

Wanda ya ƙi sakin motarsa kar ki fizge, bar shi ya zama na ƙarshe, ki miƙa masa tasar har gabansa. Kuma don Allah marfin kwalba, ƙwallon dabino, duwatsun dara, waɗannan ke za ki tsince su tun kafin waƙa, don ɗan ƙasa da shekara uku daga “ɗauka” baki zai kai.