Sunan ƙungiyar marayu da takenta: me za mu rubuta wanda ba zai zama ƙari ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu mata ne a unguwarmu, shekara biyu ke nan muna ɗaukar nauyin karatun firamaren marayu 40. Yanzu muna so mu yi rajista, mu yi suna da tambari da take. Wani ya ce mu rubuta "Muna share hawayen dubban marayu a Arewa" don masu hannu da shuni su waiwaye mu. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma ina tsoron a raina mu idan muka ce 40 kawai. Yaya za mu yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci yaran.

Ku ajiye maganar tambari tukuna, ku fara da jimla ɗaya wadda duk wanda ya karanta zai iya tasowa ya zo ya gani da idonsa. Abu huɗu za ta ƙunsa: wa kuke taimaka wa, da me, a ina, kuma su nawa ne a wane lokaci. Taku za ta iya zama haka: "Muna saya wa marayu 40 'yan firamare a unguwarmu kayan makaranta, littattafai da takalma, muna biya musu kuɗin jarrabawa kowace shekara." Sai ku sa sunan unguwar da na garin a gurbinsu. Daga wannan jimlar suna zai fito, take ma daga ita, kuma ita za ku riƙa maimaitawa a takardar neman taimako, a allon ƙofar ofis, da bakin duk wadda za ta yi magana da sunan ƙungiya.

Hanyar gwada ta mai sauƙi ce. Ku karanta wa mutum biyar da ba su san aikinku ba, sau ɗaya kawai, washegari ku tambaye su me ƙungiyar take yi. In sun ce "suna sa marayu a makaranta", ta zauna. In kuwa ɗaya ya ce gidan marayu kuke da shi, wani ya ce abinci kuke rabawa, to akwai kalmar da ke ɓatar da mutane, ku nemo ta ku cire. Yawanci "tallafawa", "inganta rayuwa" da "ƙarfafa al'umma" su ne masu wannan ɓarnar, domin kowa na iya cusa abin da ya ga dama a cikinsu.

Game da fargabar a raina 40: mai bayarwa da gaske abin da ya fi tsoro shi ne kuɗinsa ya shiga inda ba zai ƙara jin ɗuriyarsa ba. Yara 40 ana iya ƙirga su, ana iya ganin sunayensu a rajistar makaranta, shugaban makarantar zai iya cewa e, ya san su. "Dubbai a Arewa" kuwa tambaya ɗaya ke rushe ta: a wace jiha, a wace makaranta? Ranar da Alhaji ya turo yaronsa ya duba ya tarar da 40, ba zai tsaya a kan adadin kaɗai ba, har rasit ɗin da kuka nuna masa na gaskiya zai fara shakka. Kuma attajirai suna zama wuri ɗaya, suna faɗa wa juna.

Inda na fi so ku kula shi ne ƙidaya, don a nan mutanen kirki ke faɗawa cikin ƙari ba da niyya ba. A ce kuna raba littattafai sau uku a shekara, kowane zango. Sakatariya ta rubuta 40 a zangon farko, 40 a na biyu, 40 a na uku, ƙarshen shekara ta tara ta ce an amfanar da yara 120. Shekara biyu sun zama 240. Alhali yaran nan dai su ne, Allah ya sani. Wata kuma ta ce ai kowane yaro yana da 'yan gida kamar bakwai da aka rage wa nauyi, sai a ninka, a wayi gari ana cewa mutum 280. Maganin wannan shi ne littafi ɗaya, kowane yaro layi ɗaya da lamba ɗaya da ba ta canzawa: sunansa, ajinsa, makarantarsa, mai riƙonsa, ranar da ya shiga. Rabon kaya a rubuta shi a gaban layinsa, kada a buɗe masa sabo. In za ku faɗi adadin tun kafuwa, ku ƙirga layuka. A ce 6 sun gama aji shida kun ɗauki wasu 6, to ku ce "yara 46 tun da muka fara, 40 a hannu yanzu". Ku riƙa manna shekara a jikin kowane adadi, saboda takardar da kuka buga bana za ta yi ta yawo a waya har bayan shekara uku.

Haka kuma ku bambanta abin da kuka yi da abin da kuke fata. "Mun saya wa yara 40 kayan makaranta" aikinku ne, rasit na nan. "Mun ceto yara 40 daga bara" da'awa ce da ba za ku iya tabbatarwa ba, domin ba ku san cewa da ba ku zo ba bara za su yi ba, kuma kun ɗora wa iyayensu mata abin kunyar da ba su aikata ba. In kuna son nuna sakamako, ku nemi abin da malami zai iya sa wa hannu: nawa ne daga cikin 40 suka zauna jarrabawar ƙarshen shekara, nawa suka wuce aji na gaba. In biyu sun daina zuwa, ku rubuta 38, ku faɗi dalili a layi ɗaya.

Sai maganar da ƙungiyoyi ke so sosai: "Duk kuɗinku kai tsaye ga marayu." Kada ku rubuta ta sai in akwai wanda ya ɗauki nauyin hidimar ƙungiya daga aljihunsa, kuma ku faɗi hakan. Ga lissafi na misali, ku sa farashinku na gaskiya a madadinsa. A ce yaro ɗaya a shekara yana cin kayan makaranta kala biyu naira 14,000, littattafai da jaka 10,000, takalmi 5,000, kuɗin jarrabawa da sauran tarkacen makaranta 7,000. Ya kama 36,000. Yara 40 sun tashi 1,440,000. Kuɗin mota zuwa kasuwa da makarantu, cajin banki, katin waya, buga takardu da ladan mai duba lissafi a ce 160,000 ne. Jimilla 1,600,000, wato 40,000 kan kowane yaro. Abin da za ku rubuta shi ne: "Naira 40,000 na riƙe karatun yaro ɗaya shekara guda. A kowace naira 1,000, 900 na tafiya ga kayan yaro, 100 ga hidimar kai su." Kuskuren da ake yi shi ne a tallata 36,000 don ya yi araha, sannan a rasa inda za a samo na mota, a fara taɓa kuɗin takalmi a ɓoye. Ku sake lissafin kafin kowace shekarar karatu, tunda farashin yadi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Akwai wanda zai kawo zakka. Wannan ba a haɗa ta da sadakar yau da kullum, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin ta, kuma maraici shi kaɗai ba ya cikinsu. Maraya yana shiga ne ta ƙofar talauci ko miskinanci. Kafin ku buga "muna karɓar zakka", ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ya tsara muku yadda za ta isa hannun masu ita, ku ware mata shafinta daban a littafin kuɗi. In ba ku shirya ba, ku ce sadaka kawai kuke karɓa.

Yanzu suna. Gajere, mai nuna aiki da wuri, wanda tsohuwa za ta iya faɗa ba ta yi tuntuɓe ba. Suna mai ɗauke da "karatun marayu" da sunan unguwarku ya fi wanda ya kinkimo "duniya" ko "Afirka" nesa ba kusa ba. Kada ku buga riga ko allo sai hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista ta amince da sunan, don tana iya ƙin sa in ya yi kama da na wata ƙungiya, kuma kalmomi irin su Federal, National da Government sai da izini na musamman. Irin ƙungiyarku ana yi mata rajistar amintattu ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ana buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Manufofin da za ku rubuta a kundin tsarin ƙungiya su dace da jimlar nan taku; kada mai cike muku takarda ya kwafo muku lafiya, noma, muhalli da zaman lafiya duk a haɗe. Bayan nan sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema wajen asusun ƙungiya. Ku tabbata sunan da ke kan tambari shi ne na asusun banki, wanda zai fito a wayar mai turo kuɗi, harafi da harafi. In mutum ya danna lambar asusu ya ga sunan wata mata maimakon na ƙungiya, da yawa a nan suke fasawa, ko da kuwa matar amintacciya ce.

Tambari ba ya buƙatar dogon zance. Siffa ɗaya, launi ɗaya ko biyu. Ku gwada shi a hatimin roba, a hoton baƙi da fari, da cikin ɗan da'irar hoton WhatsApp. In rubutun ya cushe, a rage. Ku guji jan kuros ko jan jinjirin wata a kan fari, alamu ne da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Geneva ta keɓe, haka ma tambarin gwamnati. Alamar wata hukuma ko babbar ƙungiya ba ta hawa takardarku don kawai jami'insu ya halarci taronku, sai da izini a rubuce.

Hotunan yara kuma, don Allah a yi hattara. Kada a sa yaro ya tuɓe takalmi ko ya sa tsumma don a ɗauki "kafin taimako". Yaron nan gobe zai shiga aji, abokansa sun gan shi a wayar yayyensu an rubuta maraya a ƙasan fuskarsa. Ku nemi yardar mai riƙonsa, ku gaya mata inda hoton zai fita, kada ku haɗa fuska da cikakken suna da makaranta a wuri ɗaya. Hoton jakunkuna 40 a jere kan tabarma, tela na ɗinki, da rasit mai kwanan wata ya ishi mai bayarwa. Littafin sunayen yaran ya zauna a ofis, wanda ya zo da kansa a buɗe masa ya duba, amma ba a tura shi ta waya.