Idan na sha kiriyatin, jikina zai daina yin nasa?

*Salamu alaikum. Shekarata 24, nauyina kilo 70, ina ɗaga ƙarfe a nan Kano. Na tara kuɗi zan sayi garin kiriyatin, sai kocinmu ya ce jiki yana yin nasa da kansa, kuma idan na fara sha zai daina yi har abada, kamar yadda allurar ƙara tsoka ke yi wa maza. Ya ce in dai dole ne, in sha wata biyu in huta wata ɗaya. Gaskiya ne? In saya ko in bari?*

Wa alaikumus salam, ƙanina. Kocinku ya faɗi gaskiya a abu biyu: jiki yana haɗa kiriyatin da kansa, wato sinadarin da tsoka ke ajiyewa domin samun ƙarfi nan take, kuma yana rage haɗawa idan ka kawo masa daga waje. Inda ya kauce shi ne wajen cewa har abada. Ragewa ce ta ɗan lokaci, kuma tana warwarewa idan ka ajiye garin. Bari in nuna maka yadda aikin yake tafiya a cikin jiki, domin idan ka gane shi ba za ka sake buƙatar kowa ya kwantar maka da hankali ba.

Ana gina kiriyatin ne daga amino asid guda uku, wato ƙananan sinadaran da furotin ke narkewa ya koma bayan ka ci wake, gyaɗa, ƙwai ko nama. Sunayensu arjinin, gilaisin da metiyonin. Aikin mataki biyu ne, kuma gaɓoɓi biyu ne suka raba shi a tsakaninsu. A ƙoda ake farawa. Akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke gaggauta haɗa abubuwa a jiki, da ake kira AGAT, wanda ke ciro wani ɓangare daga jikin arjinin ya liƙa wa gilaisin. Abin da ya fito daga wannan haɗi bai zama kiriyatin ba tukuna, rabin hanya ne, masana na taƙaita sunansa da GAA. Jini ya ɗauke shi ya kai hanta. A can wani inzayim, GAMT, zai karɓo ɗan guntun sinadari da ya samo asali daga metiyonin ya ɗora masa, sai ya cika ya zama kiriyatin. Daga hanta ya sake shiga jini, tsoka ta janye shi ta ajiye. Kusan kashi 95 cikin 100 na kiriyatin ɗin jikinka yana cikin tsoka ne, kuma tsokar ba ta yin nata wanda zai ishe ta, jiran na jini take yi.

Mu yi lissafi da nauyinka. Namiji mai kilo 70 yana ɗauke da kiriyatin kimanin giram 120. Kullum kusan kashi 1.7 cikin 100 na wannan ajiya yana lalacewa da kansa ya koma kiriyatinin, wanda ƙoda ke zubarwa a fitsari. Ka ga kusan giram 2 ke nan a rana da dole a mayar. Ga mai cin nama da kifi a kai a kai, kimanin rabi daga abinci yake zuwa, sauran rabin, wajen giram 1, shi ne ƙoda da hanta ke haɗawa. Ɗanyen naman shanu kilo guda yana da giram 4 zuwa 5, kuma dahuwa mai tsawo tana rage shi. Tsirrai kuwa kusan ba su da shi. Saboda haka wanda yawancin cimarsa tuwo ne da shinkafa da wake, nama sai yanka ɗaya a miya, jikinsa ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da jiki ke haɗawa ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Yana hawa yana sauka gwargwadon abin da ya shigo ta baki. Makullin yana matakin farko. Idan kiriyatin ya yi yawa a jini, ƙwayoyin ƙoda suna rage yawan AGAT da suke ƙerawa, GAA ya ragu, hanta ta samu kaɗan da za ta ƙarasa. Kamar uwargida ce da maƙwabta suka aiko wa da kwanon abinci: ranar za ta rage sanwa, amma murhunta yana nan, gobe idan ba a aiko ba ta ɗora tukunyarta yadda ta saba. Jiki yana da dalilin wannan tsimi, domin haɗa kiriyatin yana cin kaso mai tsoka na guntayen da metiyonin ke bayarwa, alhali ana buƙatarsu a wasu ayyuka da dama. Kuma ba garin da ke cikin roba kaɗai ke jawo wannan ba. Satin babbar Sallah da kake kwana kana tashi a kan soyayyen nama, ƙodarka tana samun irin wannan saƙo, sai dai bai kai ƙarfin na garin ba.

An auna abin a jikin mutane. A wani bincike da Wim Derave da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, an ba matasa masu lafiya giram 20 a rana na mako guda, sannan giram 5 a rana na wasu watanni. GAA da ke jininsu ya sauka da kusan rabi a makon farko, daga baya ya zauna a ragin kusan kashi 30 cikin 100. Ka lura, ko a lokacin da ake ɗura musu giram 20, bai koma sifili ba.

To idan ka daina fa? Nan ne tsoron kocinku yake, kuma nan ne aka fi samun hujja. A ce ka sha har ajiyarka ta tashi daga giram 120 zuwa 140. Tunda abin da ke lalacewa kaso ne na abin da ke ajiye, yanzu kana zubar da kusan giram 2.4 a rana. Ranar da ka ajiye garin, abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, sai ajiyar ta fara sauka a hankali. Kiriyatin ɗin jini ya ragu, takunkumin da ke kan AGAT ya sassauta, ƙoda ta koma aikinta na da. Saukar tana tsayawa ne a inda shiga da fita suka daidaita, wato inda ka fara. Binciken Eric Hultman da abokan aikinsa na 1996 ya bi tsokar mutane bayan sun daina sha, ya ga ta koma kusa da matsayinta na farko cikin kimanin wata guda. Sauran binciken da suka biyo baya sun sami makonni huɗu zuwa shida. Da a ce ƙoda ta mance aikinta, da an ga ajiyar ta zarce ƙasa da inda take tun farko, kuma ba a ga haka ba.

Kwatanta shi da allurar ƙara tsoka shi ne ya fi damuna, domin yana sa matasa su ɗauka duk abu ɗaya ne, daga nan wani ya ce tunda ya sha wannan bari ya gwada wancan. Allurar sinadarin maza ce, tastostaron ko danginsa. Idan ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa tana daina aika wa 'ya'yan maraina saƙon su yi aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, kuma farfaɗowa kan ɗauki watanni, wani ma ba ya komawa daidai. Kiriyatin ba irin wannan sinadari ba ne. Abin da aka rage inzayim ne guda, wanda jiki ke ƙera sabo a kai a kai, babu wata gaɓa da ta zauna ba aiki har ta shanye. Don Allah ka riƙe wannan bambanci, ka kuma faɗa wa abokan atisayenka.

Shawarar sha wata biyu a huta wata ɗaya ba ta kare komai. Abin da hutun zai yi maka kawai shi ne ya zubar da ƙarin da ka tara, ka dawo ka sake cikawa da kuɗinka. Idan ka huta don aljihu ya yi sanyi ko don ka daina atisaye, babu laifi. Za ka iya ganin sikeli ya sauka da kilo 1 ko fiye, ka kuma rasa ɗagawa ɗaya ko biyu a ƙarshen zango. Ruwan da kiriyatin ya janyo cikin tsoka ne ya fita, ƙarin ajiyar kuma ya ƙare. Mutane da yawa suna ganin wannan su ce jikinsu ya lalace, alhali matsayinsu na asali suka koma.

Game da saye, in lafiyarka ƙalau kuma kuɗin ba na abinci ba ne, ka saya. Wanda za ka nema a waya ko ka duba a jikin roba shi ne `creatine monohydrate`, shi kaɗai, ba a gauraya shi da komai ba. A kansa aka yi kusan duk binciken, kuma yawanci shi ya fi araha. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, murfin kuma a liƙe. Kada ka sayi wanda aka ɗiba aka ƙulla a leda, domin farin gari ba ya nuna ko mene ne shi. Giram 3 zuwa 5 a rana ya wadatar. Hultman ya nuna giram 3 a rana na kwana 28 yana kai tsoka inda giram 20 a rana ke kai ta cikin kwana 6. Ta hanyar farko giram 84 ka ci, ta biyu giram 120, da yawa daga ciki kuma a fitsari zai fita, ga murɗar ciki da wasu ke samu. Robar giram 300 za ta yi maka kwana 100 a kan giram 3. Ka dama da ruwa ka sha nan take, kada ka bar shi ya wuni a gora cikin zafi, domin a cikin ruwa yana komawa kiriyatinin sannu a hankali. Idan kai ba mai yawan cin nama ba ne, ka fi dacewa ka ga bambanci, tunda tsokarka na da sauran wuri.

Idan za a yi maka gwajin ƙoda, ka gaya wa likita kana shan kiriyatin. Gwajin da aka saba yi kiriyatinin yake aunawa a jini, kuma mun ga cewa idan ajiya ta ƙaru, shi ma yana ɗan ƙaruwa ko da ƙodar lafiya lau take. Likitan zai iya cewa ka dakata na wasu makonni a sake gwadawa, ko ya yi wani gwajin da ake kira sistatin C, wanda garin ba ya taɓawa. Amma idan an taɓa ce maka kana da ciwon ƙoda, ko kana da hawan jini ko ciwon suga, ko kana yawan shan magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen bayan atisaye, to ka fara ganin likita a auna ƙodar kafin ka ba mai shago kuɗinka.