Me ya sa edita ke datse mini shimfiɗar rahoto?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fara koyon aiki a gidan rediyo. Duk shimfiɗar da na rubuta wa rahoto sai edita ya dawo mini da ita, wai jimlolin sun yi tsawo. Alhali a makaranta irin wannan rubutun ake yaba mini. Don Allah mene ne laifin doguwar jimla idan nahawunta daidai yake?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Nahawunki ba shi da laifi, kuma a jarida da a haka za a buga shimfiɗar taki. Editanki yana duba wanda zai ji ta ne, mutumin da ba takarda a gabansa.

Mai karatu yana da kanun labari da hoto, yana ganin waƙafi da aya, in ya ɓata ya koma baya layi biyu ya kamo zaren. Mai sauraro sau ɗaya magana ke wuce shi, kuma da saurin bakin mai gabatarwa take tafiya. Ga shi galibi hannunsa na kan wani aiki, ko tela a kan keke, ko direba a hanya, ko uwargida a bakin murhu. A tsakiyar rahoto ya riga ya san kan zancen, ko kalma biyu ta kuɓuce masa zai cike gurbin da kansa. A shimfiɗa kuwa bai san komai ba tukuna. Bai san ko maganar noma ce ko ta siyasa ba, kuma sau da yawa kalmomin farko na wucewa kafin hankalinsa ya gama dawowa kan rediyon. Shi ya sa jimlar farko ta fi kowace buƙatar sauƙi.

Bari in kawo miki wata da na taɓa rubutawa a shekarun farko na aikina, don har yau ina tuna ta:

"Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta yankin, wanda ya zanta da manema labarai jim kaɗan bayan kammala taron da aka shafe kwana biyu ana yi tsakanin ƙungiyar da jami'an ma'aikatar gona kan takin da aka yi wa manoma alkawari tun watan Afrilu, ya ce takin ba zai iso ba sai bayan mako uku."

Kalma 52 ce a jimla ɗaya. Ki duba inda aka ambaci shugaban, ki duba inda "ya ce" ta fito: kalma 35 ne a tsakaninsu. Duk tsawon wannan lokacin mai sauraro yana riƙe da shugaban a kansa yana jiran ya ji me ya yi, ana ta ɗora masa taro da kwana biyu da ma'aikata da watan Afrilu. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda kaɗan ne. Masanin halayyar ɗan'adam George Miller a 1956 ya ce kusan abu bakwai, daga baya takwaransa Nelson Cowan a 2001 ya ce bai fi kusan huɗu ba. Kafin a kai ga labarin kansa, wanda na ajiye a ƙarshe, kan mai sauraro ya cika.

Na ga illar da idona. Mai gabatarwar da ya karanta ta numfashinsa ya ƙare a kan "Afrilu", ya tsaya ya shaƙi iska, muryarsa ta sauka kamar jimla ta ƙare. Washegari wani manomi ya zo ƙofar tashar yana tambayar inda ake rabon takin, shi abin da ya shiga kunnensa shi ne taki da alkawari da an gama taro. Dattijo ne, kuma ya biya kuɗin mota daga ƙauyensu. Abin ya tsaya mini a rai sosai.

Ga yadda ya kamata ta fita:

"Manoman shinkafa za su ƙara jiran taki na mako uku. Tun watan Afrilu aka yi musu alkawarinsa. Shugaban ƙungiyarsu ne ya faɗi haka yau, bayan sun tashi daga taro da jami'an ma'aikatar gona."

Jimla uku, kalma 33 gaba ɗaya, mafi tsawonsu 16. Kowace jimla abu ɗaya ta ɗauko, mai aikatawa yana maƙale da aikinsa, kuma wanda ya ji ta farkon kaɗai ya samu labarin. Manema labarai da kwana biyun taro sun fita, domin wakili zai faɗe su a cikin rahoton in akwai buƙata.

Akwai kuma abin da ya shafi Hausa ita kanta. Korewarmu sau da yawa gida biyu take: "ba" a farko, "ba" a ƙarshe. Idan kika cusa kalma ashirin tsakaninsu, kuma iska ta ɗan cinye ta farkon, musamman ga masu kama mu a gajeren zango, sai mutum ya ji "zai iso" ya tafi da shi. Ki matso da su kusa da juna. Haka "wanda" da "da". Duk inda kika ga "wanda" ta biyo bayan suna a shimfiɗa, yawanci nan ne ya kamata ki sa aya ki buɗe sabuwar jimla. Sannan rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "fari" a takarda zai iya zama na rashin ruwa ko na launi, sai mai karantawa ya hango ƙarshen jimla kafin ya san yadda zai furta. Gajeriyar jimla idonsa na ɗauke ta gaba ɗaya kafin bakinsa ya fara.

Lambobi ma su kan yaudari mai rubutu. Naira 2,847,500 a takarda wuri kaɗan ta ci, amma a baki "miliyan biyu da dubu ɗari takwas da arba'in da bakwai da ɗari biyar" ce, kalma 13, kuma ba mai riƙe ta. A shimfiɗa ki ce kusan naira miliyan uku, ki bar cikakken adadin ga rahoto.

Sai dai kada ki wuce gona da iri. Na sha ganin masu koyo, da an ce su gajarta sai su daddatsa komai kalma huɗu huɗu, shimfiɗa ta koma kamar ana kiran sunaye a aji. Wannan ma yana gajiyar da kunne, kuma yana zubar da "amma" da "saboda" da "sai dai", alhali su ne ke nuna wa mai sauraro yadda wannan magana ta haɗu da waccan. Jimla mai kalma ashirin da ke tafiya a miƙe, daga mai aiki zuwa aiki zuwa dalili, ta fi mai kalma goma sha biyu da aka karya ta a tsakiya sauƙin ji. Ni dai jimlar farko nake tsanantawa a kai, ta biyu da ta uku ina barinsu su ɗan sake.

Gobe kafin ki kai wa edita, ki miƙe tsaye ki karanta da ƙarfi, da irin muryar da za ki yi a gaban makirfo. Duk inda kika ja numfashi ba a kan aya ba, ki sa alama da biro, nan ne za ki raba. Daga nan ki samu wani da bai ga takardar ba, ko mai gadi ko direban tashar, ki karanta masa sau ɗaya tak ki tambaye shi me ya faru. In ya ce "taki zai makara mako uku", ki miƙa ta. In ya ce "wani taro aka yi", ki koma ki nemo jimlar da labarin ya ɓuya a ciki ki dawo da ita sama.