Me ya sa "ge" ba ta wadatarwa wajen ƙirga mutane, dabbobi, motoci da kaya a Sinanci?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Guangzhou saro kaya kuma na fara koyon Sinanci kaɗan kaɗan. Matsalata ita ce ƙananan kalmomin nan da suke sakawa tsakanin lamba da sunan abu, mota da tata, doki da tasa, takalmi da tasa. Ni dai komai "ge" nake ce masa. Ta yaya ake sanin wadda za a ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abu na farko da za ka riƙe shine sunan abin da kake ƙirgawa shi ke zaɓar kalmar, kuma yawanci ana duba ɗaya cikin abu uku ne, siffar abin, ko girmansa, ko kuma darajar da kake ba shi idan mutum ne. Jerin kuma baya canzawa, lamba ce a gaba, sai kalmar awo, sai sunan abu, wato 三个人 sān ge rén mutum uku, 三辆车 sān liàng chē mota uku. Mu ma ai muna da irinsa, in ka ce atamfa turmi biyar ko shanu kai goma, bambancin kawai mu muna iya yar da shi mu ce shanu goma kuma magana ta zauna, su a wurinsu in ka ce sān chē kana nufin mota uku to jimlar ta karye, ko ma ta koma wata ma'ana daban wadda zan zo kanta a ƙasa.

Ba bayan lamba kaɗai kalmar awo take zuwa ba, duk inda ka ce wannan 这 zhè, wancan 那 nà, wanne 哪 nǎ, ko guda nawa 几 jǐ sai ta biyo, shi ya sa wannan motar take zama 这辆车 zhè liàng chē. Sannan biyu a gaban kalmar awo 两 liǎng ce ba 二 èr ba, liǎng ge rén, liǎng liàng chē, wannan na ƙarshen yana karya harshe amma haka yake.

A ɓangaren mutane ge ɗinka tana aiki lafiya lau, yaro, aboki, direba, ɗan dako, duk 个 ne kuma ba wanda zai ji haushi. Inda ake canzawa shine wajen girmamawa, nan 位 wèi take shigowa, 一位老师 yí wèi lǎoshī malami guda, 两位客人 liǎng wèi kèrén baƙi biyu, kuma ita ce za ka ji a ƙofar gidan abinci in ma'aikaciya ta tare ku da 几位 jǐ wèi wato ku nawa ne. In za ka gabatar da abokin tafiyarka ga mai kamfani ka ce 这位是 zhè wèi shì sannan sunansa, ya fi zhè ge daɗin ji nesa ba kusa ba. Amma ba a haɗa wèi da rén kai tsaye, ba a cewa yí wèi rén, sai da suna mai matsayi kamar malami ko likita ko baƙo, kuma ɓarawo baya samun wèi, 一个小偷 yí ge xiǎotōu ne. Akwai 口 kǒu, asalinta baki, da ake ƙirga mutanen gida da ita, 你家有几口人 nǐ jiā yǒu jǐ kǒu rén gidanku ku nawa ne. 名 míng kuma ta takarda ce da labarai, ka gane ta in ka gani ya isa.

Dabbobi ba za su dame ka a kasuwa ba dan haka ba zan daɗe ba. 只 zhī ce ta gama gari, kaza, tsuntsu, mage, tunkiya, akuya. Manya masu nauyi kamar saniya, jaki, giwa da alade 头 tóu suke ɗauka wato kai. Doki shi da tasa 匹 pǐ. Masu tsawo da lanƙwasa irin kifi da maciji 条 tiáo, kare kuma ana ce masa zhī ana ce masa tiáo duk daidai ne. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada zhī ko tóu ta kuɓuce maka a kan ɗan Adam, wannan zagi ne.

Abin hawa ma mai sauƙi ne, in yana da taya yana bin titi 辆 liàng ne, keke, babur, ƙaramar mota, tirela. Jirgin sama 架 jià, babban jirgin ruwa irin wanda ke ɗauko kwantena 艘 sōu, kwale-kwale tiáo saboda siririn jikinsa, jirgin ƙasa gaba ɗayansa 列 liè, tarago ɗaya 节 jié. Saidai tunda Guangzhou kake zuwa kar ka yi mamaki in ka ji 一部车 yí bù chē ko 一台车 yì tái chē, mutanen kudu haka suke faɗa sosai, masu yaren Kanton, wato yaren 'yan asalin Guangzhou, ma har jià suke sa wa mota. Kai dai ka riƙe liàng, ko'ina ana gane ta. Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, 三辆车 mota uku ce, amma 三车货 sān chē huò kaya ne cikin mota uku, motar da kanta ta zama ma'auni.

To kaya, nan ne maganar take, dan a nan ne ge take iya jawo maka asara ba dariya kawai ba. Kalmomin kaya iri biyu ne kuma dole ka raba su a kanka. Akwai masu ƙirga abu ɗaya ɗaya, su ba sa ƙara yawa, siffa kawai suke bi, riga da duk abin da ake sawa a sama 件 jiàn, wando da siket da tawul da sarƙa tiáo saboda tsawo, abu mai faɗi shimfiɗaɗɗe kamar takarda, tebur, gado 张 zhāng, abu mai mariƙi kamar wuƙa, lema, makulli, kujera 把 bǎ, inji kamar janareto, talabijin, firji, keken ɗinki 台 tái, waya bù ko tái. In ka yi kuskure a waɗannan ka ce yí ge wando mai shago zai gane, iyaka ya yi murmushi. Kashi na biyu kuma su ne masu ɗauke da adadi a cikinsu, 双 shuāng abu mai biyu biyu kamar takalmi da safa, 打 dá dozin guda 12, 套 tào saiti, 包 bāo ƙunshi, 袋 dài buhu ko leda, 箱 xiāng kwali, 卷 juǎn naɗi, 匹 pǐ ɗin nan ta doki ita ce kuma ta bandir ɗin yadi, 码 mǎ yadi ɗaya, 米 mǐ mita. Waɗannan in ka musanya ɗaya da wata lissafi ya canza. Ka lura da 斤 jīn musamman, a babban yankin ƙasar Sin giram 500 ce, kilo cikakke 公斤 gōngjīn ne, to in an faɗa maka farashi a jīn sai ka ninka biyu kafin ka samu na kilo.

Wadda ta fi rikita baƙi ita ce jiàn. A littafi an koya maka riga guda, amma a kasuwannin sari na Guangzhou da Yiwu da wajen masu kago, yí jiàn sau da yawa kwali guda ne ko dila guda da aka ɗaure, komai yawan abin da ke ciki. Bari mu yi misali da takalmi silifa, a ce kana son na mutum 600. Ka fara da 一双多少钱 yì shuāng duōshao qián, wato na mutum ɗaya nawa, a ce ta ce maka yuwan 15. Tambaya ta biyu wadda bai kamata ka taɓa tsallakewa ba ita ce 一件多少双 yí jiàn duōshao shuāng, kwali guda shuāng nawa ne a ciki, a ce ta ce 60. Kaga kenan kwali 10 kake so, kowane kwali yuwan 900, jimla 9,000, sai ka ce 我要十件，一共六百双 wǒ yào shí jiàn, yígòng liù bǎi shuāng, ina son kwali goma, gaba ɗaya shuāng ɗari shida. Faɗin duka biyun a jimla ɗaya shi ke toshe ƙofar rigima. Da ka ce 六百个 liù bǎi ge, ba a san ko 600 na mutum ɗaya ɗaya kake nufi ba ko wari 600 wanda shine na mutum 300, galibi za ta tambaye ka amma in ana hayaniya ko ta waya ne kowa zai tafi da abin da ya fahimta. Wari ɗaya na takalmi ko safa zhī ne, eh waccan dai ta kaza, dan haka in samfur kake so ƙafa ɗaya kawai 一只 yì zhī za ka ce. Masu yaren Kanton kuma 对 duì suke yawan cewa a madadin shuāng, abu ɗaya ne a nan.

Yadda za ka gane an samu saɓani tun kafin kuɗi su fita shine ka saurari kalmar da mai kaya ya maimaita, in kai ka ce ge shi ya dawo maka da shuāng ko tào ko jiàn to gyara maka yake yi a fakaice, ka ɗauki tasa ka sake faɗa da ita. Sai kuma rasit, akwai layin da aka rubuta 单位 dānwèi a samansa, nan ake sa kalmar awon, kusa da shi 数量 shùliàng adadi da 单价 dānjià farashin ɗaya. Ka tabbata farashin ɗaya da adadin duk a kan kalma guda suke, kar farashi ya zama na shuāng adadi kuma na jiàn ba tare da an rubuta nawa ke cikin kwali ba. A rasit za ka ga sunan kaya ne a gaba sannan lamba da kalmar awo, 拖鞋600双 wato silifa 600 shuāng, irin jerinmu na Hausa, wannan salon lissafi ne, a magana ta yau da kullum lamba ce ke gaba.

Rabi ma yana da wurin zamansa, 半箱 bàn xiāng rabin kwali ne, 两箱半 liǎng xiāng bàn kwali biyu da rabi. Ni a ganina kar ka ɓata lokaci kana haddace dogon jeri, ka ɗauki kayan da kake saye da gaske ko guda goma ne, kowanne ka rubuta shi da kalmarsa a haɗe kamar suna ɗaya, yì tiáo kùzi wando, yí jiàn chènshān taguwa, yì pǐ bù bandir, yì tái fādiànjī janareto. In ka ci karo da sabon kaya baka san tasa ba, nuna shi ka ce 这个怎么卖 zhège zěnme mài, wannan yaya ake sayarwa, amsar da za a ba ka da kalmar awon za ta zo a ciki.