Na ce mata ta yi ƙiba don in yabe ta, sai ta fashe da kuka: ina da zunubi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni Bakatsiniya ce, na bi maigidana Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wata abokiyar aikina Baturiya ta dawo daga hutun haihuwa, na ga ta murmure, sai na ce mata da Turanci ta yi ƙiba, ta yi kyau, kamar yadda muke gaya wa mai jego a gida. Sai ta fita tana kuka, ta kai ƙarata wurin shugabarmu. Wallahi alheri na nufa. Shin ina da zunubi? Dole ne in ba ta haƙuri alhali yabonta na yi? Kuma su ma idan suka ce mini na rame, suna murmushi, raina yakan ɓaci.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

'Yar'uwa, ba ki da zunubi a kan wannan karon, domin ba ki san yadda maganar take sauka a kunnensu ba. Allah yana cewa a Suratul Ahzab, aya ta 5, babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi bisa kuskure, sai dai abin da zukatanku suka ganganta. Amma ki ba ta haƙuri, kuma daga ranar da kika sani, maimaita mata wannan kalma ya haramta a gare ki. Ga dalilai.

Kafin komai, abin da kika faɗa ba ƙauyanci ba ne, kuma ba na son ki ji kunyar al'adarki. A wurin Bahaushe ƙiba shaidar lafiya ce da kwanciyar hankali da samun kulawa. Idan amarya ta je ganin gida aka ce ta yi ɓulɓul, an yabe ta, an kuma yabi mijinta. Rama kuwa tana jawo tambaya: lafiya? Me ke damunki? Larabawan zamanin Annabi (SAW) ma haka suke gani. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa mahaifiyarta ta so ta yi ƙiba kafin ta tare, aka yi ta gwadawa ba a dace ba, sai da ta riƙa cin kokwamba da ɗanyen dabino. A hadisin Ummu Zar'in da ke Bukhari da Muslim, matar tana yabon mijinta da cewa ya cika damatsanta da kitse, tana yabon 'yarsa da cewa takan cika tufarta. To amma a Ingila ta yau, kalmar da ke nufin ƙiba ta zama kalmar aibatawa. Tana ɗauke da zargin rashin kula da kai, kuma mace da ta haihu kwanan nan tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ciwo, domin sau da yawa tana fama da damuwa a kan sauyin jikinta. Ke kin nufi samun lafiya, ita kuma ta ji an aibata ta a gaban abokan aiki.

Shari'a ta san irin wannan matsala tun a Madina. Sahabbai sun kasance suna ce wa Annabi (SAW) "ra'ina", suna nufin ka saurara mana, ka kula da mu. Kalma ce mai kyau a Larabcinsu, niyyarsu kuma tsarkakakkiya. Amma Yahudawa suna karkatar da ita zuwa ma'anar zagi, kamar yadda aya ta 46 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Sai Allah ya saukar a Suratul Baƙara, aya ta 104: kada ku ce "ra'ina", ku ce "unzurna". Ki lura da abu biyu a nan. Allah bai tuhumi sahabbai da laifi a kan abin da ya wuce ba, kuma bai bar su su ci gaba da faɗar kalmar da hujjar cewa nufinsu alheri ne ba. Ya ba su wata kalma da ke isar da nufin ba tare da ɓarna ba. Malamanmu na Malikiyya, irin su Imam Ƙurɗubi a tafsirinsa, sun kafa hujja da wannan aya a kan toshe kafar ɓarna: abu halal ne a asalinsa, amma ana barinsa idan ya zama hanyar cutarwa. Matsalarki ta hau kan wannan aya daidai.

Akwai kuma ma'aunin da Annabi (SAW) ya sa wa giba a hadisin Muslim: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Bai ce abin da kai kake ƙi ba. Wanda aka ambata ne ma'auni, kuma gaskiyar maganar ba ta wanke ta, don ya ce idan abin yana tare da shi to ka yi gibarsa. Lokacin da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, sai ya ce mata ta faɗi kalmar da in aka gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Siffar jiki ce kawai ta ambata, kuma gaskiya ce. Saboda haka ki kiyaye: idan kika koma gida kina ba ƙawaye labari, ko kina ce wa sauran ma'aikata "ai da gaske ta yi ƙiba", yanzu da kin san tana ƙin hakan, kin fita daga uzurin da kike da shi. Kasancewarta ba Musulma ba ce bai halatta cutar da ita ba. Allah ya ce ku faɗa wa mutane kyakkyawar magana, a Baƙara aya ta 83, ya kuma halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, a Mumtahana aya ta 8.

Maganar ba da haƙuri ita ce na ga ta fi yi miki nauyi, kuma na fahimci dalili. Amma fiƙihu ya raba tsakanin zunubi da haƙƙi. Wanda ya fasa tulun maƙwabcinsa bisa kuskure ba shi da zunubi, amma zai biya tulun. Ke ma ba ki saɓa wa Allah ba, sai dai ciwon ya riga ya isa zuciyar wata, kuma daga bakinki ya fito. Ina ganin ba da haƙurin abu ne da ake matuƙar so, yana ma kusa da wajibi idan barinsa zai jawo gaba a wurin aiki ko ya sa a ce haka Musulmi suke. Ki same ta ita kaɗai, ki fara da cewa kin gane maganarki ta ɓata mata rai, kin kuma ji ba daɗi. Bayan nan ne za ki gaya mata, a taƙaice, cewa a ƙasarku haka ake taya mai jego murnar samun lafiya. Kada ki fara da bayanin al'ada, domin za ta ji kamar kina kare kanki ne. Kada kuma ki ce mata ai ba ta yi ƙiba ba idan kin san ta yi, wannan ƙarya ce, kuma za ta gane.

To yaya za ki yabe su? Akwai hadisi a Bukhari da nake so ƙwarai a wannan babi. An kawo wa Annabi (SAW) tufafi, a ciki akwai wata ƙaramar riga mai zane, sai ya ce a kawo masa Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a ƙasar Habasha lokacin hijira. Ya sanya mata da hannunsa, ya yi mata addu'a, yana duban zanen yana cewa "sanah, sanah", wato kyakkyawa da harshen Habasha. Ya yabe ta da harshen da kunnenta ya saba da shi, kuma adon rigar ya yaba. Ki yi koyi da wannan. Ki yabi tufa, ko zaɓin launi, ko ki ce kin ji daɗin dawowarta, ki tambayi lafiyar jariri. Nauyin jiki da launin fata da shekaru kuwa ki bar su, har da irin yabon da ake yi a gida na cewa wance ta ƙara haske, wanda a can zai iya zama magana mai nauyi a kan launin fata. A gaskiya ko a gida ma ina ƙin wannan yabon, don yana cikin abin da ke tura 'yan mata shafa man bilicin. Kuma duk abin da ya burge ki, ki sa masa albarka, ko a zuci ne, saboda abin da Imam Malik ya ruwaito na Amir bin Rabi'a da ya yabi fatar Sahl bin Hunaif bai sa albarka ba, Sahl ya yanke jiki ya faɗi, Annabi (SAW) ya tsawata wa Amir.

Amma wannan bin al'ada yana da iyaka, kuma maza masu karanta wannan amsa su ji da kyau. Al'ada tana fayyace ma'anar kalma, ba ta halatta abin da Allah ya hana. Ko da a wata ƙasa ana ɗaukar yabon surar macen da ba muharrama ba a matsayin wayewa, bai halatta ga namiji Musulmi ba, kuma ba zai ce ai haka suke yi a nan ba. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ma, a babin cin zarafi, tana duba tasirin magana a kan wanda aka gaya wa, ba niyyar mai magana kaɗai ba, don haka mutum yana iya rasa aikinsa. Ke ma kada ki siffanta wa maigidanki jikin wannan mata yayin ba shi labari, Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wata mace ga mijinta kamar yana ganinta. Haka nan hukuncin da na ba ki na Ingila ne. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya gargaɗi mai fatawa cewa idan mutumin wata ƙasa ya zo masa, kada ya ɗora shi a kan al'adar garinsa shi malamin, ya tambayi al'adar garin mai tambaya ya yi masa fatawa da ita. Idan kin zo Katsina kika ce wa ƙanwarki mai jego ta yi ƙiba, ta yi murmushi, babu komai, yana ma iya zama lada don kin faranta mata. Sai dai ko a gida yanzu akwai matan da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, likita ya ce su rage jiki, waɗanda ba sa jin daɗin wannan yabo. Idan kin san mutum yana ƙi, ƙinsa ya rinjayi al'adar gari.

Game da masu ce miki kin rame, ki yi musu uzurin da kike so a yi miki. A bakinsu taya murna ne, suna zaton kin yi ƙoƙari kin rage jiki, kuma Allah ya hana yawan zato a Suratul Hujurat, aya ta 12. Ba ki da laifi don ranki ya sosu, wannan ba a hannunki yake ba. Ya halatta ki amsa da godiya ki wuce, ya kuma halatta ki gaya musu cikin ladabi cewa a wurinku wannan magana tana nuna rashin lafiya, kin fi son a bar zancen jikinki. Idan kuma ramar ta gaske ce, ba ki neme ta ba, kuma mutane da yawa suna lura da ita, to ki je asibiti a duba ki.

Allah ne mafi sani.