Faɗa ba ya gyara yaron shago

"Malam, ina da shagon shinkafa a Jega, ɗan yayana ne ke tsare min. Da yakan sayar da buhu 40 a mako, yanzu da kyar yake kai 25. Na yi faɗa har na gaji. In sallame shi in kawo wanda zai ninka min ciniki kafin azumi?"

Alhaji, ajiye maganar ninka ciniki gefe, babu yaron da zai zo maka da wannan a aljihu. Kuskurenka ɗaya ne: kai kaɗai kake magana. Yaron da ke kiranka Baba ba zai ɗaga ido ya gaya maka abin da ya lalace ba. Zai ce "to", ya sunkuyar da kai.

Ka zaunar da shi bayan an rufe shago, ku biyu kawai, da littafin ciniki a tsakaninku. Fara da buri: "Nan da mako huɗu, buhu nawa kake ganin za ka iya fitarwa a mako?" In ya ce 32, karɓa, kada ka ƙara. Adadin da ya fito daga bakinsa shi zai yi wa gumi.

Sai halin da ake ciki, kuma nan ne za ka daɗe. Kada ka ce "me ya sa ka lalace?" Ka ce: "Su wa suka daina zuwa? Tun yaushe?" Sannan ka kame bakinka, ko da shirun ya yi tsawo.

Na taɓa kusan korar wani yarona a Gusau kan irin wannan. Da na zauna da shi, sai ga mata uku masu sayar da abinci, kowacce na ɗaukar buhu huɗu a mako ta biya bayan kwana bakwai. Ni da bakina na hana ba da bashi, suka koma maƙwabta. Buhu 12 ke nan, kuma yaron ya fi wata biyu yana haɗiye faɗan da ni ya kamata a yi wa.

Daga nan ka tambaye shi mafita, kada ka kawo taka sai ya kawo uku. Wataƙila ya ce bashi ga tsofaffin kwastomomi kaɗai, da iyakar buhu biyu, a rubuce.

Kada ku tashi sai an tsayar da matakin gaba: wa zai kira gobe, me kai za ka sassauta, wace rana za ku sake buɗe littafin.

Amma kafin duk wannan, ƙirga buhunan da ke ɗakin ajiya ka gwada da kuɗin da ya shigo. In ba su dace ba, zancen ya tashi daga koyarwa, sai ka kira yayanka.