Tifa arba'in ta ƙare, hanya ba ta kai ƙofa ba

Tambaya: Malam, ina fataucin riɗi a Gadarif ta ƙasar Sudan. Na so in zuba burji daga bakin titi zuwa sitona, tsawo mita 500, faɗi mita 6, kauri santimita 20 bayan an daɓe. Surukina mai tifa ya ce lodi 40 ya isa, na biya. Ga shi mun tsaya a wajen mita 320. Cuta ta ya yi?

Amsa: Alhaji, kai da ba ka karɓar buhun riɗi sai ya hau sikeli, yaya ka sayi ƙasa da baki? Laifin ke nan, ba ka auna komai ba. Ka bar zancen cuta tukuna.

Na ga inda ya samo arba'in ɗinsa. 500 sau 6 sau 0.2 ya ba da mita kubik 600, ya raba da 15 da yake cewa motarsa na ɗauka. Amma 600 ɗin nan ƙasa ce da rola ta riga ta danne. Wadda ke cikin tifa sakakkiya ce, duk iska a tsakaninta. Kubik ɗaya na daɓaɓɓen burji yakan ci kusan 1.3 na sakakke, don haka 780 kake bukata. Ƙara biyar cikin ɗari na wanda zai zube gefe da wanda ramuka za su sha, ka tashi wajen 820.

Sai bodin motar. Ɗauki tef ka hau da kanka, ka auna daga ciki. Daga inda aikinka ya tsaya, ina zaton za ka samu kamar mita 5 da 2.3 da 1.1, wato kubik 12 da rabi da ɗan ɗoriya. Lodi 40 na wannan ya kama 506, in aka daɓe ya koma 390, kuma kowace mita ta hanyarka tana cin 1.2. Ga mita 320 ɗinka nan. Lodi 65 aikin yake so, saura 25.

Ni ma an taɓa yi mini. Na bar wa ɗan ƙanwata ƙirgar lodi, ya zauna a inuwa yana shan shayi, direba na ɗaga masa hannu daga nesa. Motoci na zuwa da tozo a tsakiya, kusurwa huɗu fayau. Ranar biya ba ni da takardar da zan yi musu da ita.

Saboda haka kafin ka ƙara sakin fam ɗaya, ku yi ciniki a kan kubik. Ka sa yaro da littafi, ba dangin kowa ba, ya hau kowace mota, a baje ƙasar daidai bakin bodi, ya rubuta lamba da lokaci, direba ya sa hannu. Inda aka riga aka daɓe kuma, haƙa ɗan rami duk mita 50 ka ga ko ashirin ɗin ta cika.

Kada ma ka yi tunanin rage kauri don kuɗi su isa. Baƙar lakar Gadarif ka san ta, damina na sauka take kumbura, babbar mota ɗauke da riɗi za ta nutsar da santimita goma cikinta. Ka gama kafin ruwan Yuni.